Wasiƙar Neman Aikin Banki: Faɗar Hali Ba Hujja Ba Ce

Makon jiya wata yayarku da ta karanci tattalin arziki a jami'a ta kawo mana wasiƙarta ta neman gurbin mai koyon aiki a banki. Ta rubuta cewa ita mai ƙwazo ce da riƙon amana. Muka tambaye ta, wane mai neman aiki ne zai ce shi malalaci ne?

Ta ce ai ba ta taɓa aikin banki ba. Bankin ya san haka, shi ya sa gurbin na masu koyo ne. Hujja yake nema cewa kuɗin jama'a ba za su salwanta a hannunta ba.

Da muka bincika, ashe lokacin bautar ƙasa ita ce uwar adashin abokan aikinta. Sai ta gyara: "Na riƙe adashin mutum 10, kowa na zuba naira 5,000 duk wata, har wata 10, kowa ya kwashi 50,000 ɗinsa a kan lokaci."

Wannan jimla ana iya bin diddiginta. Don haka, ma'ajin aji, adana littafin lissafinka. Wata rana shi zai yi maka shaida.