Cacar ƙwallo: tambayoyi huɗu da ya kamata matashi ya yi wa kansa

A fadodin Maradi da Damagaram, har da ɗakunan ƴan ci-rani a Abidjan da Tamanrasset, hirar ƙwallo ta koma hirar tikiti. Hukuncin caca a Musulunci sananne ne, aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta yi hani da ita ƙarara. Amma wanda ya riga ya shiga ba ya ganin ranar da wasa ya zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, kuma ba da yawan kuɗin da aka rasa ake gane ta ba. Alamarta ita ce mutum ya kasa tsayawa alhali yana ganin ɓarnar. Don haka ga tambayoyi huɗu, ka amsa su tsakaninka da Allah.

Ta farko: in an cinye ka, kana komawa don ka maido kuɗinka? Wannan ce alama mafi haɗari. Ka zuba sefa 500 sun tafi, ka sa jaka ɗaya don ka rama, sannan jaka biyu, huɗu, takwas. A karo na biyar ka rasa sefa 15.500, kuma yanzu ba riba kake nema ba, so kake ka dawo inda ka tashi da safe. Daga ranar da ka fara ɗaukar kuɗin da ka rasa kamar bashin da kake bin kamfani, cacar ce ke jan ka.

Ta biyu: sau nawa ka ce "wasa ɗaya ne ya ɓata mini tikiti"? Mu yi lissafi. A ce ka haɗa wasanni 10, kowane yana ninka kuɗi sau ɗaya da rabi. Sefa 500 za su zama kusan 28.800 in duka sun shiga. Mu ɗauka kowace ƙungiyar da ka zaɓa tana da damar cin wasanta sau 6 cikin 10. Damar duka goman su shiga tare kusan ɗaya ce cikin 165, wato sai ka kashe wajen sefa 82.500 a tikiti kafin ka sa ran cin 28.800 sau ɗaya. Amma tara su shiga ɗaya ya faɗi, wannan yana faruwa kusan sau ɗaya cikin 25. Ke nan "saura ƙiris" ya fi cin kansa zuwa kusan sau bakwai. Ba alamar ka kusa gwanancewa ba ce, haka lissafin yake. In wannan ƙiris ɗin ne ke maida ka gobe, ka amsa da e.

Ta uku: kuɗin wa kake zubawa? Akwai bambanci tsakanin canjin shayi da kuɗin da mai babur ke jira da yamma, ko zubin adashe, ko kuɗin makaranta. Kai da ke ci-rani, ka taɓa rage abin da kake aika wa gida, ka ce aiki ne ya yi ƙaranci? Kai da ke gida, yayanka ya turo kuɗin hatsi ka ce bari ka juya su kafin dare? Rance, jinginar da waya da taɓa amana duk amsa ɗaya ce.

Ta huɗu: kana ɓoyewa? Goge saƙonnin cire kuɗi, faɗin ranar da ka ci da yin shiru kan ranakun da aka cinye ka, juya waya in mahaifiya ko matarka ta shigo. Wanda ya tabbata nishaɗi yake yi ba ya bukatar ƙarya.

E ɗaya ta isa ka tsaya ka duba. Kada ka dogara da tunaninka, don zuciya tana riƙe ranar ci ta mance da sauran. Buɗe tarihin asusun kuɗin wayarka na kwana 30, ka tara abin da ka zuba a gefe ɗaya, abin da ka ciro zuwa hannunka a ɗaya gefen. Kuɗin da ka ci ka sake zubawa ba ka ci su ba. Sannan ka dakata kwana 30, har da ranakun manyan wasanni. In ka ji ƙunci, saurin fushi ko rashin barci, ko ka karya alkawarin tun makon farko, ka samu amsarka.

Daga nan sai ka goge manhajar, ka fita daga zaurukan masu raba hasashe, ka faɗa wa mutum ɗaya da ka yarda da shi ainihin adadin, ka damƙa masa ajiyar kuɗinka na ɗan lokaci. In bashi ya kai ka ga tunanin cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai: ka faɗa wa wani yau, ku je likita tare.