Mai mota a hanyar Tsafe, ka karanta takardar inshorarka kuwa?

Jama'a, tun da 'yan sanda suka fara matsa lamba kan inshorar mota a watan Fabrairun 2025, kowa a Gusau ya lallaɓa ya yanki takarda ya jefa a cikin mota. Ni abin da ke damuna, ba mu karanta sashen da aka jera abubuwan da kamfani ya ce ba zai biya ba. Alhali nan ne maganar take.

Ita ta naira 15,000 da hukumar NAICOM ta ƙayyade tun Janairun 2023, ba ta motarka ba ce. Wanda ka yi wa ɓarna take biya, har zuwa naira miliyan 3 a kan dukiya. Taka motar kuwa, kai da bakanikenka.

To mu ɗauka ka yi cikakkiyar inshora. Motarka ta miliyan 6, ka biya kashi 5 cikin 100, wato naira 300,000 a shekara. Ta haɗa da sata da gobara, hankalinka ya kwanta. Sai 'yan bindiga suka tare hanya tsakanin Tsafe da Gusau suka ƙona ta, Allah ya kiyaye. A wajenka gobara ce. Amma yawancin takardun nan sun cire yaƙi, tarzoma da ta'addanci, kuma a Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta fitar da sanarwar ayyana 'yan bindiga a matsayin 'yan ta'adda. Ka ga kamfani ya samu abin kafa hujja ke nan.

A ganina, sayar wa mutumin Zamfara inshora ba tare da an nuna masa wannan layin ba, rashin adalci ne. Haɗarin da ya fi tsoro shi ne aka cire. Kafin ka biya, ko kamfanin takaful ne, ka tambaya: in 'yan bindiga suka ƙwace ko suka ƙona motar, za ku biya? Nawa ne ƙarin kuɗin? Su ba ka amsa a rubuce, a cikin takardar. Maganar bakin ejan ba ta aiki ranar biya.

Sai kabu-kabu. Ka rubuta motar ta hawa ce, amma in ka taso aiki kana ɗibar fasinjan Bungudu don rage kuɗin mai. Ranar da aka yi haɗari da fasinjan kuɗi a ciki, suna iya ƙin biya. Haka in ka bai wa yaron da ba shi da lasin tuƙi.

Gida ma haka. Inshorar gobara zalla ba ta ɗaukar ambaliya ko iskar damina da ke yaye kwano, sai an ƙara su daban. In kuma ka rubuta gidan zama ne alhali akwai jarkokin fetur na sayarwa a zaure, ranar da wuta ta tashi, su mai bincike zai fara tambaya.