Zanen kai da kafaɗu ya fi amfani wajen nuna inda za a tsaya, ba inda za a kai ba

Duk lokacin da farashin Bitcoin ya yi tashi uku ya sauko a kan cat ɗin kwana-kwana, sai hotunan zanen kai da kafaɗu su cika wayoyin masu hada-hadar kuɗin kirifto. Ana ja layi da jan launi, a zana kibiya mai nuna ƙasa, a rubuta wani adadi a ce can farashin ya nufa. Zanen tsoho ne, ya girmi kirifto nesa ba kusa ba, domin Robert Edwards da John Magee sun yi cikakken bayaninsa a littafinsu na 1948 kan kasuwar hannun jari ta Amurka. Yana da amfani ƙwarai, amma ba a wurin da yawancin masu yaɗa shi suke zato ba. Adadin da suke rubutawa a bakin kibiyar shi ne ɓangaren da ya fi rauni a cikinsa.

Siffar ba ta da wuyar ganewa. Farashi yana hawa, ya kai wani ƙololuwa ya ɗan sauko, wannan ita ce kafaɗar hagu. Ya sake tashi ya wuce ta, ya sauko, wannan shi ne kai. A karo na uku ya tashi amma ya kasa kamo tsawon kan, ita ce kafaɗar dama. Layin da ya haɗa ramuka biyu na gefen kan shi ake kira layin wuya. Abin da zanen ke faɗa shi ne masu saye sun gaji: sun kasa ɗaga farashi sama da inda suka kai a baya, kuma idan ya faɗo ƙasan layin wuya, sun kasa kare inda suka saba karewa. In aka juya hoton ƙasa ya koma sama, bayan doguwar faɗuwa, an sami juyayyen zanen, wanda ke nuna masu sayarwa ne suka gaji.

Akwai sharaɗi ɗaya da ake yawan tsallakewa. Dole a sami tafiyar da za a juya. Tudu uku a tsakiyar kasuwar da ke kai-komo a wuri ɗaya ba kai da kafaɗu ba ne, tudu uku ne kawai.

Lissafin inda farashi zai kai ma mai sauƙi ne. A auna tazarar da ke tsakanin ƙololuwar kai da layin wuya, sannan a cire ta daga inda farashi ya karya layin. A ce wani koyin ya yi kafaɗar hagu a dala 110, kai a dala 120, kafaɗar dama a dala 108, layin wuya kuma yana dala 100. Tazarar dala 20 ce, don haka ana sa ran dala 80. Wanda ya shiga cinikin faɗuwa bayan kyandir ɗin kwana ya rufe a dala 98, ya ajiye umarnin tsayar da asara a dala 109, sama da kafaɗar dama kaɗan, ya saka dala 11 a haɗari don neman dala 18. Wannan ciniki ne da za a iya tattaunawa a kai. Amma wanda ya makara har farashi ya sauka dala 90 kafin ya shiga, haɗarinsa dala 19 ne, ribar da yake nema dala 10. Zanen bai canza ba, cinikin ne ya lalace.

Bitcoin ya ba da misali na zahiri a 2021. A ranar 21 ga Fabrairu farashinsa ya haura dala 58,000, ya faɗo wajen dala 43,000 a ƙarshen watan. Ya sake tashi, ya taɓa kusan dala 61,000 a Maris, sannan ya kai wajen dala 64,800 a ranar 14 ga Afrilu, ranar da aka fara cinikin hannun jarin Coinbase a kasuwar Nasdaq. Daga nan ya sauko wajen dala 47,000 a ƙarshen Afrilu, ya sake yunƙurawa zuwa kusan dala 59,500 a farkon Mayu, ya kasa wucewa. Ga kafaɗa, ga kai, ga kafaɗa, duk da cewa tudun Maris ya ɗan ɓata kyan hoton. A tsakiyar Mayu, bayan Tesla ta sanar da daina karɓar Bitcoin, layin wuyan ya karye.

Wanda ya ja layinsa a dala 47,000 ya sami tazarar kusan 17,800, wato ya sa ran wajen dala 29,000. A ranar 19 ga Mayu farashi ya rikito har kusan dala 30,000, a watan Yuni kuma ya ɗan leƙa ƙasa da 29,000. Masu zanen sun yi ta murna, kuma suna da hujja.

To amma a sake duba cat ɗin. Wani zai iya jan layin wuyansa a ramin Fabrairu, dala 43,000, kuma ba wanda zai ce ya yi kuskure. Tazararsa ta zama kusan 21,800, inda ya nufa kuma wajen dala 21,000. Farashi bai je can ba a wannan zagayen. Ya juya daga wajen 29,000 a watan Yuli, ya hau har kusan dala 69,000 a Nuwamba. Duk wanda ya riƙe cinikin faɗuwa yana jiran 21,000, ribarsa ta narke a hannunsa ta koma asara. Mutum na uku kuma, da ke amfani da ma'aunin `log` a manhajar TradingView, kaso yake aunawa ba dala ba: daga 64,800 zuwa 47,000 faɗuwar kusan kashi 27 cikin ɗari ce, in aka sake cire wannan kason daga 47,000 ana samun wajen dala 34,000. Cat ɗaya, mutum uku, amsa uku, kuma tazarar da ke tsakanin babbar amsa da ƙaramar ta kai dala 13,000.

Shi ya sa bai kamata a ɗauki wannan adadi a matsayin alkawari ba. Ƙiyasi ne na wurin da ya dace a fara kwashe wani ɓangare na riba. A kirifto, inda farashi ke iya motsa kashi goma a yini guda, lissafin dala yakan ba da amsar da ta wuce hankali. Idan kan ya ninka layin wuya sau biyu, kamar yadda ake gani a ƙananan koyin bayan sun yi tashin gwauron zabi, cire tazarar zai kai mutum sifili ko ƙasa da sifili. A irin wannan yanayi lissafin kaso ne kaɗai ke da ma'ana.

Juyayyen zanen ma ya bayyana a cat ɗin Bitcoin tsakanin 2022 da 2023. Kafaɗar hagu ita ce faɗuwar Yunin 2022 zuwa wajen dala 17,600. Farashi ya farfaɗo zuwa wajen 25,200 a Agusta, sannan rugujewar kamfanin FTX a Nuwamba ta jefa shi kusan dala 15,500, shi ne kan. A Fabrairun 2023 ya sake taɓa wajen 25,200, ya koma kusan 19,600 a Maris lokacin da bankin Silicon Valley ya durƙushe, kwanaki kaɗan bayan haka ya fasa layin wuyan. Tazarar kusan 9,700 ce, abin da ake sa ran kusan dala 35,000.

An kai wurin, amma sai a ƙarshen Oktoba, bayan kimanin wata bakwai. A tsakani farashi ya hau wajen 31,000, ya dawo ya taɓa yankin layin wuyan a Yuni, ya sake dawowa a Satumba, har yana leƙawa ƙasa da dala 25,000 na ɗan lokaci. Wanda ya sayi koyin da kuɗinsa ya ajiye ya tsira. Wanda ya shiga da ninkin bashi sau ashirin a wajen 28,000, faɗuwar kashi biyar kacal ta isa ta share jarinsa, kuma kasuwar ta yi fiye da haka tun kafin a je ko'ina. Ga kuma kuɗin riƙe kwantiragi da manyan dandamali irin su Binance ke lissafawa duk bayan 'yan awanni. Zanen ya yi daidai, mutane da yawa kuma sun yi asara a kansa, domin bai taɓa faɗin tsawon lokacin da tafiyar za ta ɗauka ba.

Faɗuwar zanen kanta tana da alamomi. Mafi yawa ita ce karyewar ƙarya: farashi ya nutse ƙasan layin wuya da rana, ya kwashe umarnin tsayar da asarar da jama'a suka jera a wurin, sannan ya dawo sama kafin kyandir ya rufe. Kasuwar kirifto ba ta da ƙararrawar tashi, amma kyandir ɗin kwana a mafi yawan dandamali yana rufewa ne da ƙarfe 00:00 agogon UTC, wato ƙarfe ɗaya na dare a Najeriya da Nijar. Abin da ya faru da azahar jela ce kawai, har sai an ga rufewar. Edwards da Magee sun nemi a rufe da tazarar kusan kashi uku cikin ɗari bayan layin kafin a yarda. A kirifto kashi uku motsin rana ɗaya ne, saboda haka jiran rufewa biyu a jere ya fi hankali, musamman idan karyewar ta faɗo Asabar ko Lahadi, lokacin da ciniki ya yi ƙaranci kuma ɗan kuɗi kaɗan ke iya tura farashi.

Yawan ciniki shaida ne na biyu. A zanen sama, ana son ya ragu a kafaɗar dama ya ƙaru a ranar karyewa. A juyayyen zanen sharaɗin ya fi tsauri, domin farashi na iya faɗuwa don rashin masu saye, amma ba ya hawa sai da sabon kuɗi. Fasa layin wuya zuwa sama ba tare da ƙaruwar ciniki ba abin tuhuma ne. Sai dai a lura, cinikin kirifto a warwatse yake a dandamali da yawa, kuma adadin da ƙananan dandamali ke nunawa ba abin dogaro ba ne.

Akwai kuma gaggawar masu zana kafaɗar dama tun ba ta gama fitowa ba. Kafin layin wuya ya karye, babu zane, hasashe ne kawai, kuma sau da yawa abin da ake kira kafaɗar dama yakan zama hutun da farashi ya yi kafin ya wuce kan. Ga ƙananan koyin ma matsalar ta fi haka, tunda yawancinsu bin Bitcoin suke yi. Kyakkyawan juyayyen zane a cat ɗin wani ƙaramin koyin ba ya tsira idan Bitcoin ya faɗi kashi takwas a dare ɗaya.

Za a iya cewa, in dai layin wuya ya danganta da hannun mai ja, me ya rage? Abin da ya rage shi ne wuraren da kowa zai iya nunawa da yatsa tun kafin ya saka kuɗi. Idan bayan karyewa farashi ya dawo ya rufe sama da layin wuya, zanen ya yi rauni. Idan ya rufe sama da kafaɗar dama, ya mutu, kuma waɗanda suka yi cinikin faɗuwa za su rinƙa saye don rufe cinikinsu, abin da kan sa tashin ya yi sauri fiye da faɗuwar da aka yi tsammani. A misalin koyin ɗin nan, dala 109 ita ce adadin da ya kamata a fara rubutawa, kafin 80. Mai jarin dala 1,000 da ya yanke ba zai rasa fiye da kashi biyu ba, wato dala 20, zai raba 20 da haɗarin dala 11 na kowane koyin, ya ga cewa bai kamata cinikinsa ya kai koyin biyu ba.