Gida da gona a Gaya, kuɗi a banki a Jega: dokar wace ƙasa ce za ta raba gadon?

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, ku yi mini haƙuri.

Watannin baya mun yi rashin wani dattijo a Aliero, ɗan kasuwar albasa, wanda muke da dangantaka ta aure da gidansa. Allah ya jiƙansa. Ya kwashe fiye da shekara ashirin yana kai da komo tsakanin Aliero da Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ta hanyar Kamba. A Gaya ya sayi gida da gona, ya kuma yi aure ya haihu. Kuɗinsa kuwa yana ajiye su a wani banki a Jega. Gidan da uwargida ke ciki a Aliero na gandu ne, ba nasa shi kaɗai ba, don haka bai shiga lissafi ba.

Bayan addu'ar bakwai aka zauna. Wani babba cikin dangi ya kawo shawarar da kowa ya ji ta yi masa daɗi a kunne. Ya ce: "To mi za mu wahal da kanmu? Kowa shi riƙe na wajenshi. Na Gaya su riƙe gida da gona, na nan su ɗauki kuɗin banki, a rabu lafiya."

Na ce masa: "Baba, a gafarce ni, a bari a yi lissafi tukuna." Ban ji daɗin irin kallon da aka yi mini ba, amma dai an yi.

Na daidaita alƙaluman don su yi sauƙin bi. Mu ce bayan an cire kuɗin jana'iza da bashi, abin da ya rage a banki naira miliyan 24 ne. Gida da gonar Gaya, idan aka kimanta su da sefa aka juya zuwa naira, miliyan 48. Jimla miliyan 72. Ya bar mata biyu, da mahaifiyarsa tana raye, da 'ya'ya maza 6 da mata 5. Ɗakin Aliero maza 5 mata 3, ɗakin Gaya namiji 1 mata 2.

Matan biyu suna da tumuni, wato miliyan 9, kowacce miliyan 4 da rabi. Mahaifiya tana da sudusi, miliyan 12. Saura miliyan 51 na 'ya'ya, namiji ya ɗauki rabon mace biyu, ya zama kaso 17, kowane kaso miliyan 3. Ɗakin Gaya ke nan, da uwar da 'ya'yanta uku, haƙƙinsu miliyan 16 da rabi ne. Mutanen Aliero, har da tsohuwa, haƙƙinsu miliyan 55 da rabi. Da an bi shawarar baba, da na Gaya sun riƙe dukiyar miliyan 48, na Aliero su raba 24. Wato miliyan 31 da rabi na haƙƙin wasu ya tafi hannun wasu, da sunan zaman lafiya. Kuma da a ce kuɗin bankin ne suka fi yawa, marayun Gaya ne za a cuta, kuma ba na jin a zauren nan akwai wanda zai ɗaga murya dominsu.

A wajen malamai maganar a bayyane take. Dukiyar mamaci guda ce, ko tana Jega ko tana Makka, kuma kowane magaji yana da rabonsa a cikin kowane abu. Yaron Gaya yana da haƙƙi a kuɗin Jega, yarinyar Aliero tana da haƙƙi a gonar Gaya. Sai dai malam zai gaya maka kason kowa ne kawai. Ba shi zai buɗe maka asusun banki ba, ba kuma shi zai sauya suna a takardar fili ta wata ƙasa ba. Daga nan ne dokokin ƙasashe ke shigowa.

Ƙa'idar da Nijeriya ta gada daga Ingila ta raba dukiya gida biyu. Abin da ba ya motsi, kamar fili, gida da gona, dokar wurin da yake ita ke hukunci a kansa. Abin da ke motsi, kamar kuɗi, mota da kaya, yana bin dokar inda mamacin ya ɗauka mazauninsa na dindindin. Nijar ta bi ta hanyar Faransa, amma a kan ƙasa matsayar iri ɗaya ce: ƙasar da ke Nijar dokar Nijar ce a kanta, ko da baƙo ne ya mallake ta.

To mu dawo kan dattijonmu. Kuɗin banki ba su da wuya sosai. An haife shi a Aliero, iyalinsa na farko suna nan, a nan yake sallar idi, a nan aka binne shi. Yawan shekarun da mutum ya yi yana kasuwanci a wata ƙasa ba ya sauya mazauninsa sai idan ya koma can da niyyar zama har ƙarshen rai. Don haka dokar Nijeriya ce, kuma a Jihar Kebbi gadon Musulmi shari'ar Musulunci ce ke raba shi. Sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ma ya ambaci gado da wasiyya cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke saurare idan mamacin Musulmi ne. Bankin zai nemi shaidar mutuwa da takarda daga kotun Nijeriya kafin ya saki ko kwabo. Kuma don Allah a daina ruɗa kai: wanda mamaci ya rubuta sunansa a fom ɗin banki a matsayin ɗan uwa mafi kusa ba shi ne mai kuɗin ba. Shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Babban ɗan marigayin sai da aka sha fama da shi kafin ya yarda da wannan.

Gonar ce aiki. Alƙali a Jega yana iya rubuta cewa wance tana da kaza a gonar Gaya, amma takardarsa ba ta da ƙafar tsallake Kamba ita kaɗai. Sai an fassara ta zuwa Faransanci, an kai ta gaban kotun can, su kuma su ba da izinin zartar da ita idan sun gamsu. Sau da yawa ya fi sauƙi a buɗe maganar a can daga farko: a yi zaman dangi, a rubuta abin da aka cimma, a kai kotu ta tabbatar da su wane ne magada. Filayen karkara a Nijar suna ƙarƙashin dokar da aka kafa a 1993, kuma akwai kwamitocin kula da filaye da ke rubuta shaidar mallaka, da hakimai da masu gari da ake fara bi ta kansu.

Ga wani abu da mutanenmu ba su cika sani ba. Nijar ba ta da kotunan shari'a irin namu. Alƙalin gwamnati ne ke zama, kuma a maganar gado yana aiki da al'adar masu shari'ar, tare da mashawarta da suka san al'adar. Da yake yawancin jama'a Musulmi ne, rabon yakan fito daidai da na Malikiyya da muka sani. Amma a kan gona, akwai wuraren da al'ada ke hana 'ya'ya mata, a ce mace ba ta gadon ƙasa. (Kafin mu zargi Nijar, mu duba ƙauyukanmu na Maiyama da Jega, mata nawa aka ba gonar ubansu?) Wanda bai je ya tsaya a kan haƙƙin 'yan matan Aliero uku ba, kada ya yi mamaki in an raba babu su.

Wani zai ce duk wannan tsarin Turawa ne da ke yaƙi da shari'a. Ni ban ga haka ba. A 1973 Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci a shari'ar Zaidan da Mohssen. Wani Musulmi ɗan Labanan ne ya rasu bai bar wasiyya ba, ya bar kadara a Warri. Kotu ta ce dokar wurin da kadarar take ita ce abin bi, amma ita wannan doka da kanta ta nuna a koma ga dokar da ta ɗaure masu shari'ar, wato dokar Musulunci ta Labanan. Ka ga an shiga ta ƙofar Warri an fito a shari'ar Musulunci. Amma ba ko'ina ake samun haka ba. Ɗan uwanmu da ya sayi gida a Ingila ya rasu babu wasiyya, dokar Ingila za ta raba gidan, kuma a can idan akwai mata da 'ya'ya, mahaifiya ba ta samun komai. Ƙasashen Tarayyar Turai sun gaji da wannan rarrabuwar, tun 2015 yawancinsu suka koma doka ɗaya ta hau dukan dukiya, ta ƙasar da mamaci ya saba zama. Mu da Nijar ba mu da irin wannan, ga shi kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025. Duk wanda ya tuna rufe iyakar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023 ya san abin da ake nufi da dukiyarka tana can kai kana nan.

Ra'ayina shi ne, tambayar "wace ƙasa" kada ta zama hanyar cin haƙƙi. A haɗa magada duka, na nan da na can, a yi lissafi ɗaya a kan dukiyar gaba ɗaya, a cire bashi na ɓangarorin biyu tukuna, domin wanda ke bin marigayi kuɗin buhuna a Gaya yana gaba da kowane magaji a Aliero. Bayan kowa ya san kasonsa, sai a yi sulhun musaya idan an yarda. Shari'a ba ta hana magaji ya karɓi gida a madadin kuɗi ba, muddin ya san abin da ya bari kuma ba tilas aka yi masa ba. Inda akwai ƙananan yara kuwa, dole alƙali ya sa ido. Daga nan sai a ɗauki yarjejeniya ɗaya a kai ta kotun kowace ƙasa.

Haka muka yi ƙoƙarin yi. An kimanta gidan Gaya shi kaɗai a miliyan 18, gona 30. Ɗakin Gaya suka zaɓi gidan da suke ciki, suka yafe rabonsu na banki da na gona, za su cika miliyan 1 da rabi ga sauran magada. Mutanen Aliero suka tashi da kuɗin banki da gona, da niyyar sayar da gonar.

Abin da ya tsayar da mu har yanzu ba wata babbar doka ba ce. Sunan marigayin ne. A takardar gona an rubuta shi da rubutun Faransanci, a banki da na Ingilishi, sunan mahaifi ma ya bambanta, domin a can an sa laƙabin da aka san shi da shi. Takardun haihuwar yaran Gaya su ma haka. Sai da aka nemo dattawa biyu da suka san shi a ƙasashen biyu su shaida cewa mutum ɗaya ne. Auren Gaya kuma an ɗaura shi a masallaci babu takarda, sai limamin da waliyyi aka nemo.

An saki kuɗin banki, tsohuwa ta karɓi abin da ya samu daga rabonta tana raye, alhamdulillahi. Gonar tana nan ba a sayar ba, damina ta wuce wani maƙwabci ya nome ta. Makon gobe in Allah ya yarda ƙanen marigayin zai sake komawa Gaya da takardun da aka fassara. Lauyoyi da malaman da ke nan, musamman wanda ya taɓa bin irin wannan a Gaya ko Dosso, ina son jin yadda taku ta kaya.