Filin Kwamfuta da Zane: Alamomin fostarka su zama 'yan gida ɗaya

Yau za mu yi magana kan alamomi, wato ƙananan hotunan nan da ake sakawa a fosta ko a shafin PowerPoint don su tsaya a madadin kalma.

A ce malamin aikin gona ya ba ku aikin fosta kan noman albasa a Aliero, mataki shida: yafa iri, dashe, ban ruwa, cira, ajiya, sai lodi zuwa kasuwa. Abin da yawancin ɗalibai ke yi shi ne su shiga intanet su tsinto duk abin da suka fara cin karo da shi. Sai ka ga iri zanen layi ne baƙi siriri, injin ban ruwa hoton kyamara ne, albasa katun ce mai ido da baki, motar lodi kuwa ja ce jawur mai inuwa.

Ina matsalar? Ido yana ɗaukar kowane bambanci a matsayin saƙo. Da mai kallo ya tsaya, jar motar nan za ta fara fizgar idonsa, ya zaci ita ce kan magana, alhali ita ce mataki na ƙarshe. Iri kuwa, da shi aka fara, ba a ma lura da shi. Ka ga tsarin da ka sha wahala a kai ya wargaje.

Kafin ka haɗa alamomi a shafi ɗaya, jera su ka yi musu tambayoyi uku. Ta farko, zanen layi ne ko cikakku ne da aka shafe cikinsu da launi? Zaɓi ɗaya ka tsaya a kai. Ta biyu, kaurin layinsu ɗaya ne? Siriri kusa da mai kauri kamar ya koɗe yake. Ta uku, girmansu da launinsu ɗaya ne? Ware wa kowace alama fili daidai da na 'yar uwarta, misali santimita 8 tsawo da faɗi a kan kwali, kuma launi ɗaya ya isa. Na biyu sai idan da gangan kake son nuna wani mataki, kamar ajiya, inda albasa ke ruɓewa idan ba ta samun iska.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A gasar Olamfik ta birnin Munich a 1972, wani mai zane Bajamushe, Otl Aicher, ya zana alamomin wasanni duka bisa ƙa'ida ɗaya: layi a tsaye, a kwance, ko a karkace daidai rabin kwana. Shi ya sa baƙon da bai jin Jamusanci yake gane filin gudu da na dambe da kallo ɗaya.

Hanya mafi sauƙi ita ce ka ɗebo alamominka duka daga wuri guda. A sababbin PowerPoint, danna Insert, sannan Icons, ka zaɓi shidan a lokaci ɗaya. Ko a can ma ka lura, domin wasu na layi ne, wasu cikakku. Bayan sun shigo, haɗa su duka ka ba su launi ɗaya ta Graphics Fill. Idan za ka ƙara wa alama girma, ja ta daga kusurwa, don kada albasarka ta koma kamar faifai.

To, idan ka nemi rumbun albasa ka rasa fa? Kada ka cusa baƙon hoto. Haɗa shi da kanka: murabba'i a ƙasa, mai kusurwa uku a sama, da kaurin layi irin na sauran. Wanda ba shi da kwamfuta ma bai rasa komai ba. Ya yanka takardu shida masu girma ɗaya, ya zana duka da maka ɗaya, kuma hannu ɗaya ya yi zanen ko da aikin rukuni ne.

Daga ƙarshe ka gwada aikin. Manna shi a allo, ka koma bencin ƙarshe na aji. Duk alamar da ta yi fice ita kaɗai, ko ta ɓace, ita ce baƙuwa. Sannan ka buga kwafi ɗaya baƙi da fari a shagon fotokwafi: hoton kyamara yakan koma dunƙulen baƙi, zanen layi kuwa ya fito fes.

Aikin wannan mako: zana alamomi huɗu na kayan da ake sayarwa a kasuwar Jega, ka nuna wa abokinka ba tare da rubutu ba, ka gani ko zai faɗi sunayensu. Sai mun haɗu mako mai zuwa.