Idan layinka ya ɗauke haka kawai, banki za ka fara nema

Daga Kakuri zuwa Barnawa, daga Sabon Tasha zuwa Gonin Gora, ɗaukewar sabis ba labari ba ce. Mutum zai duba wayarsa ya ga ba sanda ko ɗaya, ya ce "yau ma sun fara", ya mayar aljihu ya ci gaba da harkarsa. Wannan sabon da muka yi shi ne jarin masu damfarar sauya layi, wato waɗanda ke sa a yi wa lambarka sabon sim, abin da aka fi sani da walkam-bak, alhali tsohon yana cikin wayarka.

Tun da Babban Bankin Najeriya ya kawo BVN a 2014, lambar waya ta zama mabuɗin asusu. Ta nan alat ke shigowa, ta nan ake turo lambar sirri ta OTP, da ita ake tura kuɗi ta USSD. Banki ba ya ganin fuskarka, lambar yake gani. Duk wanda lambar ke hannunsa, a wajen na'urar banki shi ne kai. Ko Jack Dorsey, shugaban Twitter a lokacin, ta wannan hanya aka ƙwace masa shafinsa a 2019.

A ce wata mai sayar da hatsi a kasuwar Kakuri tana da naira dubu 600 a asusu, kuɗin da za ta yi sari da su ranar Litinin. Lambarta tana rubuce a ƙofar shago, ita ce a WhatsApp, ita ce kuma a banki. Ran Talata wani ya kira ta da murya mai ladabi: "Hajiya, daga banki ne, BVN ɗinki ya samu matsala, za a rufe asusun." Ya faɗi cikakken sunanta, sai ta saki jiki. Ya tambayi ranar haihuwarta, da NIN, da lambobin jikin katin ATM. Bai taɓa mata ko kwabo ba ranar, don haka ta manta da zancen.

Ran Juma'a da yamma, bayan bankuna sun rufe, layinta ya ɗauke. An yi walkam-bak da bayanan da ta bayar, ko da takardun jabu, ko da haɗin bakin wani baragurbin wakilin rajista. Da zarar sabon sim ya tashi, tsohon ya mutu. Ɓarawon zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinta. Ta USSD ba zai kwashi da yawa ba, domin ƙa'idar da Babban Banki ya fitar a 2018 ta sa iyakar naira dubu 100 a rana. Inda ɓarnar take shi ne manhajar banki: ya sauke ta a wayarsa, ya ce ya manta kalmar sirri, OTP ya zo masa, ya cike da lambobin katin da ta karanta masa da bakinta. Kuɗin su bi asusu biyu ko uku, a cire su wajen masu POS. Ita kuwa ba alat ɗin da zai shigo mata, tunda can yake zuwa. In ta yi rashin sa'a, har bashi za a ci da sunanta a manhajojin ba da rance.

Tsakanin yammacin Juma'a da safiyar Litinin akwai sama da awa 60. Ɓarawon bai buƙatar ko uku.

To ta yaya za a bambance matsalar sabis da sata? Minti biyar ya isa. Ka tambayi na kusa da kai da ke kan kamfani ɗaya da kai. In nasa na aiki, ka kashe wayarka ka kunna. In har yanzu tana nuna "No service" ko "Emergency calls only", ka sa sim ɗin a wata waya. Sannan ka ari waya ka kira lambarka. In ka ji tana ringin alhali taka tana hannunka shiru, layinka yana wajen wani. Ko da ka ji a kashe, kada ka sake, ɓarawo na iya ƙin karɓar kira.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure: sai su tari Keke Napep su nufi ofishin kamfanin waya, wataƙila har tsallaken gada, su bi layi. A'a. Layi za a iya dawo da shi gobe, kuɗin da suka fita kuwa dawo da su aiki ne. Ka fara toshe asusun. Manyan bankuna suna da lambar gaggawa da ake dannawa daga kowace waya, ko ta maƙwabci: Access *901*911#, First Bank *894*911#, UBA *919*911#, Zenith *966*911#. Za a nemi lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun. Ka tabbatar da ta bankinka tun yau, ka rubuta a takarda tare da lambar kula da kwastomomi da ke bayan katinka, ka ajiye a gida ko a shago. Ajiye ta cikin wayar da za a iya sacewa ba dabara ba ce. Bayan nan sai ofishin kamfanin waya da NIN ɗinka, sai rubutaccen ƙorafi a banki da rahoton 'yan sanda. In kamfanin ya yi maka riƙon sakainar kashi, layin ƙorafin hukumar NCC shi ne 622.

Ana yawan cewa a sa wa sim lambar PIN. Shawara ce mai kyau, amma a san iyakarta. Tana tare wanda ya fizge maka waya a tasha ya cire sim ya sa a tasa, ba ta tare walkam-bak, domin sabon sim da nasa PIN yake zuwa. A kuma yi hattara wajen sawa: kuskure uku yana kulle sim sai da PUK, kuskure goma a PUK yana kashe shi gaba ɗaya.

Abin da na fi yarda da shi shi ne raba layi. Lambar da ke kan allon shagonka ko katin kasuwancinka kada ta zama ta banki. Ka ware wani layin da kusan ba wanda ya san shi, da sunanka da NIN ɗinka, ba na miji ko ɗan'uwa ba, don ranar da za a dawo da shi mai NIN ɗin za a nema. Ka riƙa sa masa kati kana kira da shi lokaci-lokaci, saboda layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yana ƙwacewa ya sayar wa wani, shi kuma ya gaji alat ɗinka. Ka kunna alat ta imel, ka rage iyakar abin da za a iya turawa a rana zuwa daidai buƙatarka. Asusun da kake tara jari, in ba ka amfani da USSD a kansa, ka ce banki ya rufe.

Sai dai bai dace a ɗora komai a kan mai hatsin Kakuri ba. Tun Disamba 2020 aka tilasta wa jama'a haɗa layi da NIN, mutane suka sha rana a kan layi, kan alkawarin cewa hakan zai kawo tsaro. In har za a yi wa mutum walkam-bak ba ya nan, to wani ne bai duba yatsa ko fuska yadda ya kamata ba, kuma akwai bayanin wanda ya yi aikin a na'ura. Ya kamata kamfani ya ɗauki asarar da wakilinsa ya jawo. Haka bankuna: layin da aka sauya wa sim awa ɗaya da ta wuce, ya bayyana a sabuwar waya yana neman sauya kalmar sirri da dare, me zai hana a dakatar da fitar kuɗi na kwana ɗaya ko biyu har mai asusun ya je reshe da kansa?