Wasiƙar da ke kawo babban baƙo

Jama'a, abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya game da tarukan masu masana'antu na Sharaɗa, Challawa da Bompai shi ne wasiƙar gayyatar babban baƙo mai jawabi. Na taɓa riƙe wata a hannuna, shafi biyu cike da kirari, amma maudu'in kalma ɗaya ce tak: lantarki. To, malamin ya yi magana a kan me, kuɗin dizal da masu jima ke ƙonawa a Challawa, ko kuwa hasken rana? A rubuta masa tambaya ɗaya, a ce minti 40, a gaya masa su wa za su zauna gabansa. Sai batun kuɗi, inda kunya ke cutar da mu. "Za mu ga abin da ya sawwaƙa" ba adadi ba ne. A faɗi naira nawa, da ranar biya, a raba shi da kuɗin jirgi. A sa sunan otal da kwana nawa, da lambar direban da zai tarye shi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Idan kuma taron ya faɗo Juma'a, a rubuta cewa jawabi zai ƙare kafin sha biyu.